Yadda ake gano matsalar HDMI idan hoto yana ɗaukewa ko talabijin ta ce "No Signal"

Autanmu yana da ɗan gidan gem a Tudun Wadan Zariya, shago ɗaya da talabijin 4, yara suna biya suna buga ƙwallo. Bayan ƙaramar salla ya tara kuɗi ya sayi PS5 da sabuwar talabijin mai 4K, ya rataye ta a bango, gem ɗin kuma ya kulle shi a cikin kanta can kusa da kujerarsa don kada yara su riƙa taɓawa. Tsakaninsu ya ja kebul na HDMI mai mita 5 ta bayan silin. Sati guda komai lafiya lau. Ran nan da la'asar sai ga kiransa.

"Yaya, gem ɗin nan fa ya lalace. Ana cikin wasa sai allo ya yi baƙi ƙirin kamar sakan 2, ya dawo, can an jima ya sake. Yara har sun fara cewa a ba su kuɗinsu."

Na ce masa kada ya kai wa kowa ya buɗe, ya jira ni. Babu abin da ya sami gem ɗin, babu abin da ya sami talabijin ɗin. Kafin in faɗi abin da muka tarar, sai an fahimci abin da ke faruwa a 'yan sakan ɗin farko da ka soka kebul, domin duk matakan da zan kawo a kansa suka ginu.

Gaisuwar da ake yi kafin hoto ya fito

Tsohuwar wayar bidiyo mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba ta tambayar kowa komai. Tana tura hoto ne kawai, ko da kyau ko da dishi-dishi. HDMI ba haka take ba. A bakin kebul ɗin akwai 'yan ƙananan haƙora 19, kuma ba duka ne ke ɗaukar hoto ba, wasu aikinsu kai saƙo ne tsakanin na'urorin biyu. Da ka kunna gem, sai ya tura wuta 'yar kaɗan, bolt 5, ta haƙori na 18, kamar mai sallama a ƙofar gida. Talabijin ta amsa ta haƙori na 19, ta ce ga ni. Daga nan gem ya karanta bayanin da talabijin ta ajiye game da kanta, wanda ake kira EDID: girman hoton da take iya nunawa, hoto nawa a sakan guda, tana karɓar HDR, wato hoto mai ƙarin haske da launi, ko ba ta karɓa. Sai kuma su yi musayar mabuɗin tsaro na HDCP, wanda aka ƙirƙira don hana satar finafinai. Sai duk wannan ya kammala sannan hoto ya fara tafiya.

To ashe wuri biyu ne abu zai iya lalacewa, kuma alamominsu sun bambanta. Idan gaisuwar ce ba ta kammala ba, ba za ka ga komai ba: allo baƙi, ko rubutun "No Signal". Idan kuwa an gaisa lafiya, an yi yarjejeniya a kan hoto mai nauyi, amma kebul ya kasa ɗaukar kayan, to hoto zai fito ya riƙa ɗaukewa, ko ka ga fararen ɗige-ɗige suna ƙyalli a wurare masu duhu, ko sauti ya riƙa yankewa. Duk lokacin da ya ɗauke, talabijin ta rasa zaren ne tana laluben sa, shi ne wannan sakan 2 ɗin na baƙi. Ka fara da tantance wanne ne naka a cikin biyun nan.

Akwai baƙin allo guda ɗaya da ba cuta ba ne. Idan ka buɗe wasa ko fim sai allo ya ɗauke sau ɗaya tak a farko, sannan ya zauna daram, wannan canjin yanayi ne zuwa HDR ko zuwa wani saurin hoto, ana sabunta yarjejeniya. Wanda ke zuwa a tsakiyar wasa ba ƙa'ida, shi ne abin bincike.

Mataki na farko: a sa su sake gaisawa daga tushe

Wannan shi ke warware mafi yawan "No Signal" da nake gani a garin nan, musamman wanda ke biyo bayan ɗaukewar wuta. An ɗauke wuta, an tayar da janareta, komai ya tashi lokaci guda. Gem ya yi sallama alhali talabijin ba ta gama farkawa ba, bai ji amsa ba ko ya ji rabi, shi ke nan kowa ya tsaya yana jiran ɗan'uwansa. Kashewa da rimot ba ya wadatarwa, domin rimot kwantar da talabijin kawai yake yi, ɓangaren HDMI ɗinta yana nan riƙe da kuskuren.

Ka kashe gem ɗin gaba ɗaya, ba Rest Mode ba, ka jira fitilarsa ta mutu. Ka zare filogin talabijin da na gem daga soket. Ka zare kebul na HDMI ta kai biyun. Ka ba su minti 1 ko 2. Sannan ka mayar da kebul tun ba wuta, ka tura shi har ya zauna. Kunna talabijin ita kaɗai tukuna, ka zaɓi ramin da ka soka, ka duba lambar da ke rubuce a jikin ramin da idonka, HDMI 1 ne ko HDMI 2, kada ka yi ta zato. Sai ta gama tashi sannan ka kunna gem. Talabijin farko, gem daga baya: ka mayar da wannan al'ada duk lokacin da aka sauya daga wutar gari zuwa janareta.

Dalilin da ya sa na nace a kan soka kebul ba wuta shi ne, gidaje da shaguna da yawa a nan ba a yi musu wayar ƙasa ba. In ka taɓa ƙarfen bakin kebul ka ji yana ɗan tsikarar yatsa, to akwai wutar da ke yawo a jikin kayan. Sokawa da zarewa a wannan hali na iya ƙona ɗan guntun da ke kula da HDMI a cikin gem ko talabijin, kuma wannan gyaran mai tsada ne.

Mataki na biyu: hanya mafi gajarta

In bai gyaru ba, ka cire duk abin da ke tsakani. Akwatin raba hoto zuwa talabijin biyu, akwatin sauya rami, na'urar sauti, ɗan mahaɗin da ake ƙara tsawon kebul da shi, duk a ajiye gefe. Kowanne daga cikinsu mai shiga tsakani ne a gaisuwar, kuma masu arha sukan tsaya a HDCP 1.4 alhali finafinan 4K suna neman HDCP 2.2. Gem, gajeren kebul wanda ka tabbatar yana aiki, talabijin. Sai ka gwada wani ramin. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, in ba haka ba zai gyaru ba ka san abin da ya gyara shi ba, gobe ya dawo.

Ka haska cikin ramukan da fitilar wayarka. Ƙurar hunturun Zariya tana shiga ko'ina, kuma ramin da ya shekara a buɗe yakan cika da ita. A hure da busasshiyar iska, kada a sa allura ko tsinken ƙarfe.

Mataki na uku: rage kaya, a ga ko hanya za ta ɗauka

A nan ne maganar autanmu ta warware, don haka bari in ba da ita dalla-dalla.

Da na isa na tarar da yara biyu suna wasa, na zauna na zuba ido. Cikin minti 10 allo ya ɗauke sau 3. Na matsa kusa da talabijin, a gefen filin inda inuwar 'yan kallo take, sai ga fararen ɗige-ɗige suna fitowa suna ɓacewa kamar an watsa gishiri. Na tambaye shi me ya canza a kwanakin nan. Ya ce babu. Can sai ya ce, "Af, Yaya, akwai wani ɗalibi daga Samaru da ya zo wasa shekaranjiya, ya ce hoton bai kai yadda ya kamata ba, ya shiga saitin talabijin ya gyara. Kuma wallahi hoton ya ƙara kyau."

Ɗalibin bai yi kuskure ba. Talabijin masu 4K da yawa suna fitowa daga kwali da ramukansu a ƙaramin yanayi, na HDMI 1.4, wanda iyakarsa gigabit 10.2 a sakan guda. Sai an shiga saiti an buɗe babban yanayi sannan ramin zai sanar da gem cewa yana iya karɓar gigabit 18 na HDMI 2.0, wanda ya fito a 2013. Kowane kamfani da sunan da ya ba wannan saiti: a Samsung Input Signal Plus, tsofaffinsu kuma HDMI UHD Color, a LG HDMI Ultra HD Deep Colour, a Sony HDMI signal format, a Hisense HDMI Format, inda ake zaɓa tsakanin Standard da Enhanced. Da aka buɗe shi, talabijin ta canza bayanin da take ba gem, gem kuma ya ɗauke ta a maganarta ya fara turo cikakken 4K da HDR.

Ga lissafin. Hoton 1080p mai 60 a sakan yana cin kusan gigabit 4.5. Cikakken 4K mai 60 a sakan yana cin kusan 18, ninki huɗu ke nan. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, a duk gaisuwar nan ba mai tambayar kebul ko zai iya. Gem da talabijin ne suke ƙulla cinikinsu, su ɗora masa. Kebul ɗin mita 5 da ke bayan silin ya ɗauki ƙaramin kaya sati guda ba gardama, da aka ninka masa sai ya fara tuntuɓe.

Ban ce masa kebul ne ba sai da na gwada. A PS5 na shiga Settings, Screen and Video, Video Output, na mayar da Resolution zuwa 1080p. Muka bar yara suka buga rabin awa, ko ƙiftawa bai yi ba, ɗige-ɗigen ma sun ɓace. Wannan ya wanke gem ɗin daga zargin lalacewa, amma bai raba tsakanin kebul da ramin talabijin ba. Sai na ce ya ɗauko gajeren kebul ɗin da ya zo a kwalin PS5, wanda ya jefa a durowa saboda bai kai ba. Muka fito da gem daga kanta, muka ɗora a kan kujera ƙarƙashin talabijin, muka soka a ramin nan dai, muka mayar da Resolution zuwa Automatic. Cikakken 4K da HDR, awa guda cur, shiru. Magana ta ƙare.

Da a ce ya ci gaba da ɗaukewa da gajeren kebul ɗin, da na koma kan talabijin: in gwada sauran ramuka, domin a wasu talabijin ba kowane rami ne ke da cikakken ƙarfi ba, in kuma mayar da saitin nan zuwa Standard in gani. A PS5 akwai kuma tsaka-tsaki ga wanda ba ya son sauka zuwa 1080p. A shafin Video Output ɗin nan akwai Video Transfer Rate, in ka mayar da shi -1 ko -2 zai rage nauyin bayanan launi ya bar girman hoton yadda yake. Daga kan benci ido ba ya cika ganin bambanci. Na sa masa -2 a dogon kebul ɗin ya lallaɓa kwana biyu, kafin kafinta ya kafa ɗan akwatin katako mai kwaɗo da ramukan shan iska a ƙarƙashin talabijin. Ramukan iskar wajibi ne, don kada a gudu daga matsalar kebul a faɗa ta zafi.

Game da sayen kebul, ra'ayina a fili yake: kada kauri ko bakin ruwan gwal ko "8K" da aka buga a leda su ruɗe ka. Sunayen da ke da ma'ana su ne High Speed na gigabit 10.2, Premium High Speed na 18, da Ultra High Speed na 48, wanda ake buƙata don 4K mai 120 a sakan. Biyun ƙarshe na gaske suna zuwa da tambarin shaida mai lambar QR a jikin kwali. Gajere ya fi dogo aminci a kullum, mita 1.5 zuwa 2. In tilas sai dogo, akwai masu zaren haske a ciki, amma su suna da gaba da baya: kan da aka rubuta Source na gem ne, mai Display ko TV na talabijin. Ka juya su, ba za ka ga hoto ba ko kaɗan. Kuma ka gwada kowane kebul a ƙasa da cikakken 4K kafin ka hau silin da shi.

In babu hoto sam, ta ina za a shiga saitin?

Wannan yakan sami wanda ya ɗauki gem ɗinsa daga sabuwar talabijin ya kai gidan aboki mai tsohuwa, alhali an kafe saitin a kan girman hoton da tsohuwar ba ta sani ba. Mafita ita ce Safe Mode. A PS4 da PS5, ka kashe gem gaba ɗaya, ka danne maɓallin wuta ka riƙe. Za ka ji ƙara ta farko nan take, ta biyu bayan kamar sakan 7, sai ka saki. Ka haɗa fad da kebul na USB, domin ba zai yi aiki ta iska ba a nan, ka danna maɓallin PS. A PS4 ka zaɓi Change Resolution, zai sake tashi a 480p, wanda kusan kowace talabijin take karɓa, daga nan ka ɗaga zuwa abin da ya dace. A PS5 sunansa Change Video Output, a cikinsa akwai Change Resolution da Change HDCP Mode. Na biyun yana da amfani idan mabuɗin tsaro ne ya hana gaisuwa kammaluwa: ka tsayar da shi a HDCP 1.4 kaɗai. PS4 Pro ma yana da irinsa, Set HDCP Mode. Sai dai ka sani wannan na iya hana ka 4K, don haka ka mayar da shi Automatic in ka koma sabuwar talabijin.

Wasu sukan kashe Enable HDCP gaba ɗaya a saitin System. Wasanni za su yi aiki, amma Netflix da ire-irensa za su ƙi buɗewa sai an mayar.

Mai Xbox kuma, ya cire faifai, ya kashe, sannan ya danne maɓallin wuta da na fitar da faifai tare har ya ji ƙara ta biyu bayan kamar sakan 10. Zai tashi da ƙaramin hoto. A Series S da ba shi da faifai, maɓallin haɗa fad ake dannewa tare da na wuta.

Safe Mode gwaji ne mai kyau a karan kansa. Idan ko shi bai nuna ba, da kebul mai kyau, a talabijin biyu daban-daban, to ba gaisuwa ba ce kuma, rauni ne a jiki. Haska ramin HDMI na bayan gem. A gidajen gem inda ake zarewa da sokawa kullum, ko yaro ya yi tuntuɓe da kebul ya fizge, haƙoran ciki sukan lanƙwashe ko ramin ya saki daga jikin allon. Alamarsa a PS4, fitila ta koma fara, fanka yana juyawa, amma ba hoto, ko hoto ya zo ya tafi in ka motsa bakin kebul. Ka daina motsawa, kana ƙara ɓarna ne. Wannan aikin mai gyara ne da ya iya canza rami da iskar zafi. In kuwa fitilar shuɗiya ce take ta ƙiftawa ba ta koma fara ba, to gem ɗin ne bai gama tashi ba, matsalar na iya zama ta wuce HDMI.

Sitik ɗin kallo: yunwar wuta

Fire TV Stick da 'yan'uwansa suna da tasu cutar ta daban, kuma na ga ta wahalar da mutane da yawa. Saboda ƙarancin soket, sai a soka wayar wutarsa a ramin USB na bayan talabijin. Ramin USB na yau da kullum rabin amfiya yake bayarwa, adaftar da ke zuwa da sitik ɗin kuwa amfiya 1 ce a bolt 5. Zai kunna, zai nuna tambari, har ka zagaya cikin jerin finafinai. Da ka danna fim aiki ya yi nauyi, sai wuta ta gaza, allo ya ɗauke, tambari ya sake fitowa. Wannan tambarin shi ne shaidarka: matsalar gaisuwa tana mayar da kai daidai inda ka tsaya, yunwar wuta kuwa tana mayar da kai farko. Ka yi amfani da adaftarsa a soket, da wayar da ta zo da shi.

Ka kuma sa ɗan gajeren kebul mai lanƙwasuwa da ke cikin kwalin. Idan talabijin tana manne da bango ko ramukan sun matsu, sitik ɗin ba ya shiga har ƙarshe, nauyinsa kuma yana rinjayar da shi ƙasa, haƙori ɗaya ya saki, gaisuwa ta tsinke. Ga zafin bayan talabijin a watan Afrilu, wanda ɗan nisan nan yake rage masa.

In babu hoto daga Fire TV Stick, ka danne maɓallin sama da na mayar da fim baya a rimot ɗinsa tare, sakan 5. Zai riƙa gwada girman hoto ɗaya bayan ɗaya, in ka ga wanda ya fito sai ka zaɓe shi.

Saura wata matsala da ke kama da ɗaukewar hoto alhali ba ita ba ce. Kana wasa a HDMI 1, sai talabijin ta tsallaka da kanta zuwa HDMI 2 inda sitik yake, ka ga baƙi ko "No Signal". Wannan aikin CEC ne, hanyar da na'urori ke ba talabijin umarni ta haƙori na 13. Samsung na kiransa Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync. Ka zare sitik ɗin ka yi wasa yini guda. In abin ya daina, ka kashe CEC a talabijin, ko HDMI CEC Device Control a Fire TV, ko Enable HDMI Device Link a PlayStation. Ɗaya daga cikin abin da za ka rasa shi ne talabijin ba za ta ƙara kunna kanta ba in ka kunna gem, sai ka ɗauki rimot ka zaɓi ramin da hannunka.